Layi Huɗu a Kan Awarwaro

A cinikin kayan adon mata akwai maganganu uku da suka fi kowace magana jawo kuɗi: "ɗan Dubai ne", "sha takwas ne", da "ba ya koɗewa". Abin mamaki game da su shi ne, mai faɗarsu yana iya rantsuwa da Alƙur'ani cewa bai yi ƙarya ba, kuma a duba a ga yana da mafaka. Ta yiwu lalle ta Dubai kayan suka biyo. Ta yiwu gwal ɗin da aka shafa a bayansu mai karat 18 ne. Kuma idan aka ajiye su a akwati ba a taɓa sa su ba, haƙiƙa ba za su koɗe ba. Duk da haka matar da ta biya kuɗi ta koma gida tana zaton gwal ta saya, alhali tagulla ce a ƙunshe a gefen zanenta. Tambayar da nake son bi a wannan rubutu ita ce: mutumin da kowace kalmarsa gaskiya ce, amma ya bar abokin cinikinsa ya tafi da zaton abin da babu shi, shin ya yi gaskiya?

Ba daga littafi tambayar ta same ni ba. Gwaggona dillaliya ce a Ƙanƙara. Tana saro sarƙoƙi da 'yan kunne da awarwaro daga Kano, wani lokaci daga Funtuwa, tana shiga da su gidaje, kuma tana da abokan ciniki har Faskari da Sabuwa, waɗanda take aika wa kaya ta hannun direbobi. Da na kammala digirina a fannin sinadarai na dawo gida, sai ta ɗora mini aikin rubuta 'yan kalmomin da ake sa wa a ƙarƙashin hoton kaya idan za a tura a waya, da 'yar takardar da ake sakawa a leda. Aikin layi uku ne ko huɗu. A cikinsa na gane cewa mai riƙe da alƙalami a tsakanin mai kaya da mai kuɗi yana riƙe da wani sikeli ne wanda mai saye ba ya iya leƙawa.

Bari in fara da abin da ake kira ruwan gwal, domin hukuncin abu yana biyo bayan saninsa ne. Ana ƙera abin adon da ƙarfe mai araha, galibi tagulla ko jan ƙarfe, a wanke shi tas, sannan a tsoma shi a wani ruwa da aka narkar da gishirin gwal a cikinsa, a saki lantarki. Lantarkin ne ke janyo gwal ɗin ya kwanta a bayan ƙarfen. Sau da yawa akan fara shimfiɗa wani farin ƙarfe mai suna nikel a tsakani, don gwal ɗin ya zauna sumul ya yi sheƙi. Gwargwadon daɗewar abin a cikin ruwan, gwargwadon kaurin shafen. Ana auna kaurin nan da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma silin gashin kan mutum yakan kai wajen maikiron 70.

A ɗauki awarwaro guda ɗaya na tagulla, irin wanda Gwaggo ke sayarwa shida-shida. Zagayensa santimita 20 ne, faɗinsa rabin santimita, nauyinsa kamar giram 13. Idan aka haɗa ciki da waje, filin da za a shafe ya kai murabba'in santimita 20. A ce an yi masa shafe mai kaurin rabin maikiron, wanda ba shi ne mafi sirantaka a kasuwa ba. Duk gwal ɗin da ke jikinsa, ko da tatacce ne, kashi ɗaya ne cikin hamsin na giram. Ko nawa ake sayar da giram ɗin gwal a ranar, a raba shi gida hamsin, gida ɗaya shi ne rabon awarwaron nan. Kuma ko shi ɗin babu maƙerin da zai wahalar da kansa ya kankaro shi ya biya. A nauyin awarwaron, gwal bai kai kashi ɗaya cikin 600 ba. To wannan abu ne ake ɗagawa a gaban mace a ce mata "sha takwas ne".

Hatimin da ke jikin kayan shi ma da irin wannan harshe yake magana. Gwal tatacce karat 24 ne. Mai karat 21, wanda matanmu suka fi sani, akan buga masa 875, ma'ana kashi 875 cikin dubu na nauyinsa gwal ne. Mai karat 18 akan buga masa 750. Amma a jikin maƙullin sarƙa mai ruwa sai a ga an buga 18K da manyan baƙaƙe, a gefensa kuma GP, ƙanana ƙwarai, har sai an kanne ido. Waɗannan haruffa biyu su ne ke cewa shafe ne kawai. Maƙerin ya faɗi gaskiya, amma ya faɗe ta da harshen da ya tabbata mai sayen ba ta ji, da muryar da ya tabbata ba za ta kai kunnenta ba. A Ingila, tun shekarar 1300 doka ta wajabta a gwada kayan azurfa kafin a buga musu hatimi, kuma ba mai ƙerawa kaɗai ake bar wa shaidar kansa ba. A kasuwanninmu na ƙauye kuwa hatimi ƙarfe ne da kowa ke iya saye ya buga a kan abin da ya ga dama.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ana yaudara ba tare da an buɗe baki ba. Misalin da suke bayarwa duk ɗan karkara zai gane shi: mutum ya ƙi tatsar akuyarsa ko saniyarsa kwana biyu ko uku kafin ranar kasuwa, hantsarta ta cika ta yi tantsan, mai saye ya gani ya ɗauka haka take ba da nono kullum. Mai dabbar bai ce komai ba, nonon kuma na gaske ne, amma hadisi ya hana wannan, ya kuma ba mai saye damar mayar da dabbar. Wani hadisin da ke magana a kan albarkar ciniki bai tsaya ga faɗar gaskiya kawai ba, sai da ya haɗa ta da bayyanawa. Bai kuma tsaya ga ƙarya ba, sai da ya haɗa ta da ɓoyewa. A fahimtata, nan ne amsar tambayar take. Ba a auna gaskiyar ciniki a leɓen mai sayarwa. Ana auna ta ne a cikin zuciyar mai saye: wane hoto ya tafi da shi, kuma wa ya zana masa shi? Ruwan gwal tamkar hantsar nan ce. Abin da ido ya gani a ranar ciniki gaskiya ne, amma alkawarin da ganin ya ɗauka game da gobe ƙarya ne, kuma goben ce aka biya wa kuɗi.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin al'amari ne, ado ne na biki, idan ya koɗe a jefar a sayi wani. Mai faɗar haka bai zauna a yankinmu ba. A wajen macen karkara gwal ya wuce ado, asusu ne. Da can tana da asusu biyu, na turke da na kunne: tumaki da awaki a bayan ɗaki, 'yan kunne da sarƙa a ƙasan adaka. Shekarun nan na 'yan bindiga sun cinye na farkon. Dabba ana kora ta a dare ɗaya, kuma ba a gudu da ita idan an ji harbi. A 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da rikicin ya fi shafa, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma katse layukan waya, wadda ma dabbarta ta tsira ba ta da inda za ta kai ta, kuma wanda ke birni ba shi da hanyar kiran gida ya ji halin da ake ciki. Abin da ya rage shi ne abin da ke shiga cikin ƙullin zane. A irin wannan ƙasa, bambancin gwal da ruwan gwal shi ne bambancin mai guzuri da mai zaton tana da guzuri.

Na san wata baiwar Allah da ta yi hijira daga wani ƙauye a ƙasar Faskari ta sauka a unguwarmu da 'ya'ya huɗu. Aka riƙe ƙanen mijinta a daji, dangi suka shiga haɗa abin da aka yanka musu. Ta kwance sarƙar da ta saya shekara uku da suka wuce da kuɗin tumaki biyu, wadda ba ta sa ta fiye da sau biyar ba saboda tattali, ta bayar a kai Funtuwa. Mai sayen gwal ya ɗora ta a sikeli, ya ɗaga ta ya jinjina, ya ga girmanta ya fi nauyinta, domin gwal ya ninka tagulla nauyi fiye da sau biyu idan girmansu ɗaya. Ya kai mata maganaɗisu, bai kama ba. Amma wannan ba shaida ba ce, tun da tagulla ma ba ta bin maganaɗisu. Sai ya ɗauki magagari ya ɗan goga a gindin maƙulli, inda ba a gani, ya ɗiga ruwan gwaji. Wurin ya yi kumfa ya koma kore. Ya miƙo ta ya ce ba ya saye. Tattalin da ta yi wa sarƙar shi ne ya ɓoye mata gaskiya shekara uku. Da ta riƙa sa ta kullum, da wata uku ya isa ta gane. Wadda ta sayar mata, na tabbata, za ta ce ita ba ta taɓa cewa zallar gwal ce ba.

Akwai hujjar da 'yan kasuwa suka fi kawowa, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan ce farashi da kansa bayani ne: wadda ta sayi saitin sarƙa da kuɗin da bai kai na giram ɗaya ba, ai ta san abin da ta saya, araha ba ta ado. Na yarda da wannan a kan 'yar birni da ke jin farashin giram kowane mako. Ban yarda da shi a kan matar da ba ta taɓa ganin sikelin gwal ba, wadda a wurinta kuɗin tumaki biyu dukiya ce da ta isa sayen kowane irin abu mai daraja. Sannan hujjar tana rushe kanta a tsakiyar kasuwa, inda ake sayar da mai ruwa da tsada, tsadar da ta fi ƙarfin tagulla amma ba ta kai ta gwal ba, a ce "na hannu ne" ko "mai shi ce ta matsu". A nan tsadar ce ma ke yin ƙaryar. Idan kuwa da gaske kowa ya sani, to me zai ragu idan an rubuta? Duk kalmar da mai sayarwa yake jin nauyin rubutawa, alama ce ya san akwai wanda bai sani ba, kuma da rashin sanin nan yake cin riba.

Ga abin da na rubuta a ƙarƙashin awarwaron da na yi lissafinsa a sama, kuma a kan wannan tsari nake rubuta sauran:

"Awarwaro shida. Ƙarfen ciki tagulla ce, ba gwal ba ce. An shafa mata ruwan gwal siriri a baya. Masu sayen gwal ba sa sayensa a sikeli. Idan ana sa shi kullum zai fara koɗewa ta ciki da gefe cikin 'yan watanni, yana iya barin kore a fata, mai ƙaiƙayin ƙarfe kuma ta yi hattara. Idan na fita biki ne kawai, yana kai shekaru. A cire shi kafin wanka da wanki da alwala, a shafa mai da humra su bushe kafin a sa, a goge shi da ƙyalle mai laushi, kada a dirje shi da toka."

Tsarin jerin ba a banza yake ba. Ƙarfen ciki ne ke fara zuwa, domin shi ne abin. Sunan farko da kunne ya ji shi ne ke zama, saboda haka "tagulla mai ruwan gwal" daban take da "gwal mai ruwa", ko da yake abu ɗaya ake nufi. Na biyu shi ne shafen, tare da jimlar da ta fi kowace nauyi, wato cewa ba a sayensa a sikeli, domin ita ce ke raba ado da asusu. Na uku shi ne abin da lokaci zai yi masa. Shafe ba ya ruɓewa, gogewa yake yi, kuma yana farawa ne daga inda ake gugarsa: cikin awarwaro, bayan zobe, maƙullin sarƙa, ƙugiyar ɗan kunne. Idan ya huje, zufa ta kai ga jan ƙarfen da ke cikin tagulla, sai ga koren nan a wuya; idan kuwa nikel ne ya bayyana, wasu matan kunnensu yakan yi ja ya yi ruwa. Na huɗu shi ne kulawa, kuma na ajiye shi a ƙarshe da gangan. Na sha ganin an cika takarda da "kada a jiƙa, kada a fesa turare" ba tare da an faɗi ƙarfen ba, don idan abin ya koɗe a ce laifin mai sawa ne. Nasihar da aka yi don ta zama mafakar mai sayarwa ita ma wani nau'in algus ce.

Da na karanta wa Gwaggo, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan talla kika rubuta mini ko sammaci? Wa zai sayi abin da mai shi ta ce zai koɗe?"

Na ce, "Gwaggo, ai ko ba mu faɗa ba zai koɗe. Ranar da ya koɗe kuwa ba za su je Kano neman mai shago ba, ƙofar gidan nan za su zo."

Ta ce, "Haka ne kam. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa."

Ba zan ce rubutun bai rage mata ciniki ba. Akwai waɗanda suka karanta suka wuce wurin mai cewa "ba ya koɗewa", kuma wasunsu ba su dawo ba. Masu cewa gaskiya kullum tana kawo riba suna sauƙaƙa wa kansu magana ne. Wani lokaci tana kawowa, wani lokaci asara ce tsagwaronta, kuma wajabcinta bai rataya a kan ko wanne ba.

Wani abin da ya fi wannan wuya shi ne, dillaliya sau da yawa ita ma ba ta sani ba. Mai shagon Kano bai gaya mata kaurin shafen ba, shi ma wanda ya shigo da kayan bai gaya masa ba. Ƙa'idojin ciniki na Amurka, alal misali, sun bambanta sunan shafen da bai kai maikiron 0.175 ba da wanda ya kai, suka kuma keɓe wa mai maikiron 2.5 sunan shafe mai kauri. A nan kuwa duka "ruwan gwal" ne, duka "mai kyau" ne. Rashin sani uzuri ne, amma uzurin yana ƙarewa a daidai inda mutum ya fara magana kamar ya sani. Wadda ba ta san kaurin ba tana da ikon rubuta "wanda ya sayar mana bai faɗi kaurin ruwan ba", ba ta da ikon rubuta "ruwa mai kauri". Kuma akwai sanin da talaka ke iya saye da araha. Duk sabon kaya da ya zo, mukan cire guda ɗaya in sa shi a hannuna kullum har wata ɗaya, ina wanke-wanke da shi, mu ga abin da zai zama. Abin da muka gani shi muke rubutawa. Asarar awarwaro ɗaya ce a cikin dozin, kuma ita ce kuɗin da ake biya kafin a sami ikon cewa "na gwada".

Azurfa kuwa labarinta a juye yake, kuma ita ce ta nuna mini cewa bayani ba tonon aibi kaɗai ba ne. Ruwan gwal yana haske a ranar ciniki ya ci amana daga baya. Azurfa tana baƙi tun da wuri, alhali tana nan a azurfarta har ciki. Baƙin nan ba tsatsa ba ne. Azurfa tana haɗuwa ne da farar wuta da ke cikin iska da zufa, da wadda ke cikin ƙwai da albasa da robar ɗaure kuɗi da wasu mayukan ƙuraje, sai wata fata siririya ta kwanta a kanta, ta fara da rawaya ta ƙare da baƙi. Damina tana gaggauta shi. Ana goge shi ya fita, azurfar ta dawo fara. Toka mai laushin da kakanninmu ke murza wa munduwa ta farfaɗo, ita ce idan aka murza wa mai ruwan gwal za ta kashe shi a zama ɗaya. Ga abubuwa biyu a faranti ɗaya, maganin ɗaya dafin ɗayan ne, kuma ba mai raba su sai bayani.

Kakanninmu ba su bukaci takarda ba, domin sun san asalin ƙarfensu. Maƙeran fari suna narka dalar Mariya Tarisa, wadda ke ɗauke da shekarar 1780 komai lokacin da aka buga ta, mai azurfa kashi 833 cikin dubu, ko kuma sulallan azurfa na Turawa da aka fara bugawa a 1913. Mace takan kai kuɗinta da hannunta, ta san adadinsu, ta karɓi munduwa mai nauyinsu. Mai ƙira da mai saye saninsu ɗaya. Yau kayan daga wata nahiya suke zuwa, an buga musu 925, wato azurfa kashi 925 cikin dubu, sauran galibi jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. A gefensu kuma akwai wani farin ƙarfe da ake kira azurfar Jamus, wanda haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa, kuma ya fi ta gasken jinkirin yin baƙi. Sakamakon haka, magidanci ya sayi zoben azurfa na gaske, ya yi baƙi bayan wata biyu, ya dawo yana cewa an cuce shi. Maƙwabcinsa ya sayi na bogi, yana ta walƙiya, yana yaba wa mai shago. Idan ba a rubuta "zai yi baƙi, kuma baƙin yana fita" ba, mai gaskiya ne ke shan zagi, maƙaryaci ya sha godiya. Har ila yau, idan aka ga 925 a jikin abu rawaya, ba wani nau'in gwal ba ne da ya fi 875. Azurfa ce aka yi wa ruwan gwal, darajarta a sikeli ta azurfa ce.

Saura wuri ɗaya da har yanzu nake jin nauyinsa, wato lefe. A nan gaskiya takan yi karo da wata ɗabi'a da mu Hausawa muke girmamawa ƙwarai, rufin asiri. Saurayi ne mai ƙaramin ƙarfi, gonarsu tana inda ba a iya zuwa, an sa rana, kuma za a buɗe akwati a gaban mata su ƙirga. Idan babu abin wuya mai sheƙi za a yi da shi a unguwa. Yayarsa ta zo ta sayi saitin mai ruwa, ta san sarai abin da ta saya. Shin takardata ba tona masa asiri za ta yi ba? Shin ba rashin tausayi ba ne a tsaya kan ƙarfe da maikiron a inda mutuncin ɗan mutane yake a kan faifai?

Na daɗe ina juya wannan, kuma inda na tsaya shi ne a raba 'yan kallo da mai abu. Matan da suka zo ganin lefe ba su da haƙƙin sanin ƙarfen da ke cikin sarƙar. Ba su biya ba, ba za su dogara da ita ba, idanunsu kawai suka kawo. Ɓoye musu sutura ce, kuma sutura alheri ce. Amarya kuwa ita ce za ta mallaki abin. Ita ce za ta sa shi a lissafin abin da take da shi, ita ce wata rana, idan dare ya yi dare, za ta kwance shi ta miƙa a kai Funtuwa. Ɓoye mata ba rufin asiri ba ne, domin asirin da aka rufe na mai bayarwa ne, ramin da aka haƙa kuwa ita za ta faɗa. Mutum yana da ikon suturta talaucinsa da abin da ya ga dama, ban da amincin wanda ya yarda da shi. Saboda haka takardar lefe mukan naɗe ta ƙanƙanuwa mu sa ta a ƙarƙashin audugar ɗan akwatin sarƙar, inda mai kallo ba ya kaiwa amma mai abu za ta kai, da boko a fuska ɗaya da ajami a ɗayar, don uwar amarya ma ta iya karantawa.

Na san ana iya zare takardar a hanya, kuma hannun dillaliya ba ya kaiwa can. Iyakar ikonta shi ne abin da ya fito daga bakinta da alƙalaminta. A kakar bara wata mata daga Sabuwa ta zo haɗa lefen ƙanenta, ta zaɓi saiti mai ruwa, sannan ta rage murya ta ce, "Hajiya, don Allah a rubuta mini rasit a sa gwal sha takwas, saboda dangin yarinyar masu bincike ne."

Gwaggo ta ce, "Ƙanwata, kayan naki ne, ki kai su yadda kika so, ba mai jin komai daga bakina. Amma hannun 'yata ba zai rubuta gwal a kan tagulla ba."

Matar ta ɓata rai, ta tattara jakarta kamar za ta tashi. Gwaggo ta jawo wani ɗan ƙullin, ta kwance, ta fito da 'yan kunne ƙanana na karat 21, giram biyu ba ƙari, ta ɗora su a sikeli a gabanta. Ta ba ta shawara ta rage atamfa uku da takalmi biyu daga lissafin, ta ajiye babban saitin ta ɗauki matsakaici, ta cika kuɗin ta haɗa da waɗannan. Suka yi ta lissafi har la'asar, ana kiran ƙanen a waya ana katsewa, kuɗin bai kai ba sai da Gwaggo ta yarda a biya ragowar bayan an sayar da masara. Na rubuta takardu biyu a ranar. Ta farko ta ce tagulla mai ruwan gwal, da sauran layukanta. Ta biyu ta ce gwal, karat 21, hatimi 875, giram 2, da kwanan wata, da farashin giram na ranar.